Takardar da ke jikin leda ba ta san gonar da gyada ta fito ba

Duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin cewa wani ƙulli-ƙulli ko garin masara ya lalace a Garwa, a arewacin Kamaru, magana ɗaya ake maimaitawa: a tilasta wa masu sarrafawa su liƙa takarda mai kwanan wata. Wasu ma har lambar da ake ɗauka da waya suke nema. Wannan ado ne kawai, domin sawun gyada yana ɓacewa tun kafin ta ga leda.

A kan tamfol yake ɓacewa. Dillali a kasuwar Ngong ko Pitowa yana sayen kwano goma a wajen wannan, rabin buhu a wajen wancan, ya zube su wuri ɗaya, ya gauraya, ya ɗinke. Daga nan ba mai iya cewa wace gona ce ko wane rumbu. Kuma gubar afalatoksin, wadda fumfunar gyada ke haifarwa idan an adana ta da laima, ba ta bazuwa daidai a buhu. A 'yan ƙwayoyi take taruwa, sai su ɓata sauran wajen niƙa. Suya ba ta kawar da ita, kuma idan aka matse mai, mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a ƙulli-ƙullin da yara ke ci. Iyakar gubar da Codex, kundin ƙa'idojin abinci na duniya, ya amince da ita a gyadar da za a sarrafa mikirogiram 15 ce a kilo, abin da ido ba ya gani. A Kenya, a 2004, masara mai wannan guba ta kashe mutum 125.

A ɗauka mai sarrafawa ya sayi buhu 40 daga dillalai uku, goma daga ciki sun kwana a ɗaki mai yoyo. Idan kowane kaso yana da lamba a jikin buhu, an niƙa shi a ranarsa, an rubuta shagunan da aka kai wa, to kayan buhu goma za a janye, cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan an haɗa su a injin, arba'in ɗin duka sun shiga zargi, ba wanda ya san inda aka kai su, kuma mai ɗakin yoyon zai sake kawo kaya mako mai zuwa.

Masu cewa 'yan kasuwarmu ba su iya rubutu ba, su duba littafin bashin dillali, ko sefa biyar ba ta ɓacewa a ciki.

Kamaru tana da dokar lafiyar abinci tun Disamban 2018, tana da hukumar kula da ingancin kaya ta ANOR. Su sauka kasuwar hatsi mana! Kowa ya rubuta wanda ya sayar masa da wanda ya sayar wa, a sa lamba a buhu da fenti, mai injin ya ajiye kwano ɗaya daga kowane kaso don gwaji. Lalatattun ƙwayoyin da aka tsince kuwa, a hana sayar da su da araha ga masu ƙulli-ƙulli.