Kafin ka buɗe shafin kasuwancinka: abin da Jamus ke tilastawa, abin da muke kwafewa a gida

A nan Jamus, ko mai gyaran keke ne ya buɗe shafin intanet, za ka ga kalmomi biyu a can ƙasa: Impressum da Datenschutz. Na farko ya ƙunshi sunan mai kasuwancin, adireshinsa na gaskiya da hanyar samunsa. Na biyu bayani ne kan abin da ake yi da bayanan mai ziyara. Tsoro ne ya sa suke haka, domin abokin hamayyarka a kasuwa yana iya sa lauya ya aiko maka da wasiƙar gargaɗi, kuma kafin ƙarshen 2020 kai ne kake biyan kuɗin lauyan. A gida kuwa, abin da aka saba shi ne mai haɗa shafi ya kwafo takardar tsare sirri daga wani kamfanin waje ya liƙa, wani lokacin ma da sunan kamfanin a ciki. Ra'ayina shi ne takardar da aka kwafo ta fi rashin takarda haɗari, don alkawari ce a rubuce kan abin da shafinka ba ya yi.

Mu ɗauki misali. Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana sayar da shadda da huluna, ya sa an haɗa masa shafi da WordPress da WooCommerce. Ana biya ta Paystack, an saka Google Analytics don ƙirga masu shigowa, an saka Meta Pixel don talla. Ya rubuta farashi da naira da yuro, ya ce yana aikawa Jamus da Faransa. Wannan yuron da wannan alkawarin aikawa su ne suke jawo shi cikin dokar GDPR ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, domin dokar tana bin wanda ake tallata wa haja ne, ko ina mai hajar yake zaune. Ga kuma dokar gida, wato dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita. Ƙaramin ɗan kasuwa da ya karya ta zai iya fuskantar tarar naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ya shigo masa a shekara, duk wanda ya fi yawa.

Aikin takardar tsare sirri ba daga rubutu yake farawa ba. A fara buɗe shafin a sabuwar taga ta sirri a Chrome, a danna F12, a shiga Application, sannan Cookies, kada a taɓa komai a shafin tukuna. Kukis su ne ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a waya ko kwamfutar mai ziyara don ya gane shi idan ya dawo. A shafin ɗan kasuwarmu, da alama za a ga waɗannan biyu tun kafin a danna komai:

```
_ga
_fbp
```

Na farko na Google Analytics ne, an saita shi ya zauna shekara 2. Na biyu na Meta ne, kwana 90. Idan sun bayyana kafin mutum ya ce ya yarda, to allon neman izinin da ke shafin ado ne kawai. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: an sa allo mai maɓalli ɗaya, amma lambobin bin diddigin suna cikin kan shafin, suna tashi da zarar an buɗe. Gyaran shi ne a cire su daga can, a sa su ƙarƙashin manhajar neman izini, ta yadda ba za su tashi ba sai an amince. Daga nan a sake gwajin sau biyu: a danna ƙi a duba, a rufe tagar, a buɗe sabuwa, a danna amincewa a duba.

Ba kowane kuki ke buƙatar izini ba. Idan aka jefa hula cikin kwandon saye, `woocommerce_items_in_cart` zai bayyana, kuma ba a neman izini a kansa, don in babu shi kwandon ba zai tuna abin da aka zaɓa ba. Ƙirga baƙi da talla ne suke buƙatar amincewa. A Turai an riga an yi shari'a kan siffar amincewar. A Oktoban 2019 Kotun Tarayyar Turai ta ce akwatin da aka riga aka yi wa alama ba izini ba ne. A Janairun 2022 hukumar CNIL ta Faransa ta sanar da tarar yuro miliyan 150 kan Google da miliyan 60 kan Facebook, saboda amincewa dannawa ɗaya ce, ƙi kuwa sai an bi hanya mai tsawo. Saboda haka maɓallin ƙi ya zauna kusa da na amincewa, girmansu ɗaya.

Akwai wani tarko da ba ya cikin kukis sam. A wannan tagar ta F12, a shiga Network a sake loda shafin. Idan an ga `fonts.googleapis.com`, to shafin yana ɗebo salon haruffa daga Google, kuma yana miƙa masa lambar IP ta kowane baƙo, wato adireshin na'urarsa a intanet. A Janairun 2022 wata kotu a Munik ta sa mai shafi ya biya wani baƙo yuro 100 kan haka. Kuɗin ba yawa, amma bayan hukuncin wasiƙun neman diyya sun yi ta zuba wa ƙananan 'yan kasuwa a nan. Maganin aikin ɗan lokaci ne: a sauke haruffan a ajiye su a kan sabar shafin.

Sai bayan wannan bincike ake rubuta takardar tsare sirri, kuma a lokacin ba ta da wuya. Wa ke riƙe da bayanan, da adireshi da imel ɗin da ake dubawa. Me ake karɓa: suna, lambar waya, adireshin kai kaya, awon ɗinki idan ana ɗinkawa. Don me, har tsawon wane lokaci, kuma wa ake ba: kamfanin biyan kuɗi, kamfanin jigila, mai masaukin shafin, da ƙasar da yake. A faɗa wa mai saye yadda zai nemi ganin bayanansa ko a goge su; a ƙarƙashin GDPR wata guda ake da shi a amsa. In ana kammala ciniki ta WhatsApp, kamar yadda kusan kowa ke yi a gida, a rubuta haka. Takardar da aka kwafo daga Amurka ba za ta taɓa ambatar wannan ba, sai dai ta yi ta maganar dokar Kalifoniya.

Shafin sharuɗɗa ne inda al'adun biyu suka fi rabuwa. Mun saba da rasit mai cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Wanda ya saya ta intanet daga Turai yana da kwana 14 daga ranar da kayan suka iso hannunsa ya fasa, ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma idan ba a sanar da shi wannan haƙƙi ba, wa'adin yana ƙaruwa da wata 12. Abin da aka yi wa mutum na musamman ba ya ciki, don haka yadi goma na shadda ana iya dawo da shi, amma babbar rigar da aka ɗinka da awon mai ita ba a iya fasawa. A rarrabe su biyu a rubuce, a kuma faɗi wanda zai biya kuɗin aikowa da na kwastan idan kayan za su koma Kano. In aka yi shiru kan kuɗin dawowar, doka ta ɗora shi a kan mai sayarwa.