Babi na huɗu ya ce "akwai alaƙa", babi na biyar ya ce "shi ya jawo": a ina aka yi tsallen?

Lokacin furojet ya sake zagayowa, shagunan buga takardu a Kano sun cika da ɗalibai kowa riƙe da filas yana jiran layi, ni kuma raina ya sake ɓaci kan abun da yake ɓata min rai duk shekara. Satin da ya wuce 'yar ƙanwata ta kawo min nata har gida, ta ce "Kawu dan Allah duba min kafin difens." Bincikenta kan lesin ne, karatun yamma da iyaye ke biya, da cin jarabawar WAEC. Babi na huɗu ta raba takardun tambayoyi, ta zuba amsoshin a manhajar lissafi ta SPSS, ya fito mata da `p < 0.05`, ta rubuta akwai alaƙa. Lafiya lau. Ina buɗe babi na biyar sai na ga wai binciken "ya tabbatar" lesin ne ke sa yara cin jarabawa, har da shawarar gwamnati ta tilasta shi. Sufabaiza ya sa hannu, bai ja layi ko ɗaya ba.

Na ce da ita, su waye ke zuwa lesin ɗin? Ta yi shiru, sannan ta ce "waɗanda iyayensu ke iya biya mana." To ai nan gizo ke saƙar.

Mu yi lissafi da alƙaluman da na ƙirƙira don misali kawai. A ce yara 200 ne, 100 na zuwa lesin, 100 ba sa zuwa. Cikin masu zuwa, 80 'ya'yan masu hali ne, 20 'ya'yan talakawa. Cikin marasa zuwa kuma akasin haka, 20 masu hali, 80 talakawa. Yanzu a ce lesin ɗin ba ya tsinana komai, ko kaɗan. Ɗan mai hali dai da lesin da babu lesin 8 cikin 10 suna ci, saboda makaranta mai kyau da littattafai da wuta da daddare da cikin da ya ƙoshi, ɗan talaka kuma da yake tashi daga makaranta ya wuce shago ko talla, 3 cikin 10 ne ke ci. Me za ki gani a teburinki? Masu lesin: 64 da 6, mutum 70 sun ci. Marasa lesin: 16 da 24, mutum 40. Saba'in da arba'in! Duk wanda ya kalli wannan tazara zai rantse lesin na aiki, SPSS ma zai buga maka tambarinsa, alhali mu da muka shirya lissafin mun san aljihun uba ne ya tura yaro lesin, shi ne kuma ya ci masa jarabawa. Maganin kuwa ba wahala, a raba teburin biyu, a gwada ɗan mai hali da ɗan mai hali, talaka da talaka. Idan tazarar ta ɓace an kama ɓarawo. Amma ita ko tambayar sana'ar uba ba ta saka a takardarta ba, to da me za ta raba?

Abun da ke ƙona min rai shi ne yadda aka mai da `p < 0.05` kamar hatimin alƙali. Iyakar abun da yake faɗa shi ne, da a ce babu wata alaƙa sam, da wuya a ga irin wannan tazara bisa katari. Bai ce wane ne ya haifi wane ba. Ba ya ma iya gane gaba da baya. Masu cewa waya ce ke sa yara faɗuwa sun taɓa tambaya ko yaron da karatu ya riga ya gagara ne ya koma ya rungumi waya? Teburi iri ɗaya za ka samu ko ta wane ɓangare abun ya faro. Tun muna yara ake ce mana mangwaro na kawo sanƙarau, don kawai su biyun suna shigowa tare a bazara, amma aƙalla kakanninmu ba su ɗaure maganar da kwali mai ruwan zinare sun kira ta bincike ba.

Kada a ce ɗalibanmu kaɗai ne, manya ma sun faɗa ramin. An daɗe ana ganin masu yawan cin karas da ganyaye ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba, aka ce ai sinadarin beta-karotin ne. Sai aka gwada a ƙasar Finland, maza masu shan sigari sama da 29,000, aka yi ƙuri'a wasu aka ba su ƙwayar sinadarin wasu ba a ba su shi ba. Da sakamako ya fito a 1994, waɗanda suka sha sinadarin sun fi kamuwa da kusan kashi 18 cikin 100. Amfanin ƙuri'a ke nan, ba ruwanta da mai kuɗi ko mai kula da lafiyarsa, tana watsa su ko'ina daidai.

Akwai masu cewa to idan haka ne ba abun da za a iya tabbatarwa sai da ƙuri'a, wannan lalaci ne aka sa masa rigar hikima. Ba wanda ya taɓa tilasta wa mutane shan sigari don gwaji, amma yau ba mai musun tana jawo sankarar huhu. Ta yaya? Masu bincike biyu 'yan Birtaniya, Richard Doll da Austin Bradford Hill, sun ga alaƙar a asibitocin Landan a 1950, kuma ba su tafi gida sun kwanta ba. A 1951 suka rubuta wa likitocin Birtaniya, kusan 40,000 suka amsa, aka rubuta wa ke sha wa ba ya sha tun suna da lafiyarsu, sannan aka zauna ana bibiya, aikin da ya ɗauki shekara 50. Ka ga an toshe ƙofar "gaba da baya", shan ne ya riga cutar. Duk likitoci ne, aljihunsu bai yi nisa da juna ba. Tazarar ba 'yar ƙarama ba ce, mai sha ya ninka marar sha kusan sau 10, mai sha da yawa sau 20 zuwa 30. Wanda ya daina kuma haɗarinsa ya ragu. Aka samu haka a wasu ƙasashe, aka kuma gano sinadaran da ke cikin hayaƙin masu haddasa sankara. Daga irin wannan ne Hill ya jero abubuwan dubawa guda 9 a 1965, shi da kansa kuma ya ce kada a ɗauke su a matsayin dokar da ba ta tanƙwaruwa.

Ba na cewa ɗalibar aji huɗu da kuɗin fotokofi ma sai an yi mata karo-karo ta bi yara shekara 50. Amma sakamakon yaran na JSS 3 yana nan a ofishin makaranta, da ta ɗauko da mun san ko dama can su ne zakarun aji kafin su san ƙofar lesin. Tambaya biyu kan gida ba za ta ƙara mata ko shafi ɗaya ba. Ta kuma duba ko mai zuwa kwana biyar ya fi mai zuwa kwana biyu. Idan duk ba ta samu ba, ta rubuta "akwai alaƙa" ta tsaya nan, sufabaizoji kuma su daina sa hannu kan kalmar "ya jawo" sai sun ga abun da ke riƙe da ita, idan ma suna karanta babi na biyar ɗin.

Ita dai ta tattara takardunta ta ce, "Kawu, ai idan na cire 'ya tabbatar' za su ce aikina ba shi da ƙarfi." Difens ɗinta ranar Talata ne.