Yawan FPS Ba Shi Ne Saurin Harbi Ba

"Wasan Counter-Strike 2 na nuna min FPS 200, amma linzamina kamar yana jan ƙafa. Me ya sa?"

FPS yawan hotuna a sakan ɗaya yake ƙirgawa, ba ya auna tsufan hoton da ke gabanka. Idan aikin GPU, mai zana hotunan, ya kai kashi 99, CPU, mai shirya masa su, kan riga shi, hotuna su yi layi suna jira. A FPS 200 kowane hoto milisakan 5 ne, biyu a layi sun ci maka 10. Ka kunna NVIDIA Reflex, saitin da ke rage wannan layin, ko ka rage iyakar FPS har GPU ya sauka wajen kashi 90. Sauya saurin aika saƙon linzami daga 1000 Hz zuwa 8000 Hz kuwa, ribarsa ba ta kai milisakan ɗaya ba.