Takardar da aka hana ka taɓawa, amma kai ake tuhuma idan ta makara

Duk wanda ya yi digiri a wata ƙasa, yake neman lasisin aikin injiniya ko jinya ko harhaɗa magunguna a wata ƙasar daban, zai tarar cewa hukumar ba da lasisi ba za ta ko kalli takardunsa ba sai wani kamfani ko wata cibiya ta auna digirinsa, ta faɗi abin da ya yi daidai da shi a tsarin karatun can. Ba ni da ja a kan a tantance, domin babu mai hankalin da zai so a damƙa gada ko majinyaci a hannun mai takardar jabu. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda aka tsara aikin, ta yadda mai biyan kuɗin shi kaɗai ne ba shi da iko a kan komai, kuma shi kaɗai ne ke ɗaukar asarar duk wani sakaci da wani ya yi.

Sharaɗi na farko a kusan ko'ina shi ne cewa takardar cikakken sakamako, wadda ke jera kowane kwas da makinsa, dole ta fito kai tsaye daga jami'a zuwa masu tantancewa, ko dai a cikin ambulan da aka manne aka buga masa hatimi a bakin mannewar, ko ta wata amintacciyar hanyar intanet da ɓangarorin biyu suka amince da ita. Idan ka buɗe ambulan ɗin da hannunka, ya tashi daga aiki. Idan ka aika kwafin da jami'ar ta ba ka ranar da ka gama, ba za a karɓa ba, ko da sa hannun rijistara na nan ɓaro-ɓaro a kansa. Ma'ana, an ɗora makomarka a kan wani ofishi da ka rabu da shi shekaru da dama, wanda ba ya cikin yarjejeniyar da ka ƙulla da masu tantancewa, kuma babu abin da zai rasa idan takardarka ta kwana a cikin durowa har shekara ta zagayo.

Nawa fayil ɗin a nan ya maƙale. Jami'ata ta aika takardar, kamfanin aika saƙo ya nuna an sa hannu an karɓa, amma shafin masu tantancewa ya ci gaba da nuna cewa ana jiran takardu. Da na matsa da tambaya, sai aka ce an karɓa, sai dai an rubuta wa jami'ar wasiƙa domin ta tabbatar ita ce ta aiko, kuma ba ta ba da amsa ba. Na roƙi a gaya mini adireshin imel ɗin da aka rubuta wa, domin in sa a duba, aka ce ƙa'ida ta hana. Na nemi ofishin rijistara, suka ce babu wasiƙar da ta zo musu. Daga baya ta bayyana cewa adireshin na wani jami'i ne da ya daɗe da barin kujerar, akwatin kuma babu mai buɗe shi. Ofisoshi biyu, kowanne yana jiran ɗan'uwansa, babu wanda ya ga ya dace ya ɗaga waya, ni kuwa da na san matsalar duka biyun an ce ba ni da hurumin shiga tsakani. Mafi ciwo shi ne cewa kwanakin da ake alkawarin kammala aiki a cikinsu ba sa fara ƙirguwa sai ranar da su da kansu suka yarda cewa takardu sun cika, saboda haka a lissafinsu ba su taɓa makara ba.

Alhali sauran agogon ba su tsaya ba. Sakamakon jarrabawar Ingilishi ta IELTS ko TOEFL shekara biyu kawai ake amincewa da shi, takardar shaidar kyakkyawan hali daga hukumar sana'arka ta gida da takardar 'yan sanda su ma 'yan watanni suke yi su tsufa. Mutum zai yi jarrabawa da wuri don ya nuna da gaske yake, sai jinkirin da ba shi ya jawo ba ya cinye wa'adin, a ce masa ya sake zama, ya sake biya. Idan kuwa an samu bambancin harafi ɗaya tsakanin sunan da ke kan fasfo da wanda ke kan digiri, ko an juya sunan uba ya zo gaba, ko mace ta sauya suna bayan aure, to sai an kawo takardar rantsuwa ta kotu, fayil ya koma ƙarshen layi. Wanda kuma ya yi karatu da Larabci ko Rashanci ko Faransanci, sai ya ƙara da fassarar kalma da kalma daga tafintan da aka amince da shi.

A ce duk an tsallake wannan, rahoto ya fito. A nan ne mutane da yawa suke gano cewa rahoton iri biyu ne. Akwai wanda ke faɗin matakin takardar kawai, wato ya ce wannan daidai yake da digirin farko na shekara huɗu, akwai kuma wanda ke bin kwas ɗaya bayan ɗaya, yana juya awannin karatu da maki zuwa ma'aunin ƙasar da za a je. Hukumomin lasisi galibi na biyun suke nema, kuma sau da yawa daga cibiyar da su suka zaɓa, ba wadda ka ga dama ba. A Amurka babu wata hukumar gwamnatin tarayya da ke wannan aiki, kamfanoni ne masu zaman kansu, da yawansu a ƙarƙashin ƙungiyar NACES, kuma lasisin sana'a a hannun jihohi yake, kowace da nata sharaɗin. A Kanada, rahoton da ake yi don neman izinin zama ta hanyar cibiyoyi irin su WES ko IQAS yana aiki tsawon shekara biyar, amma ba lasisi ba ne, hukumar sana'a ta lardin da ka sauka tana da ikon ta auna ka da kanta daga farko. Mutum zai riƙe takardar da ta ce digirinsa ya yi daidai, ya kai ta ofishi na gaba a ce masa ba don su aka yi ta ba.

Bari mu bi lissafin injiniya, don a ga inda gizo ke saƙa. Ma'aunin NCEES, majalisar hukumomin lasisin injiniya da safiyo ta Amurka, wanda hukumomin lasisin injiniya na jihohin Amurka da dama ke dogaro da shi ga wanda digirinsa ba ya cikin waɗanda ABET, hukumar tantance shirye-shiryen karatun injiniya ta Amurka, ta amince da su, yana neman kiredit 32 na babban lissafi da kimiyyar asali, kiredit 48 na kimiyyar injiniya da zayyana, da kiredit 12 na ilimin gama-gari. Kiredit ɗaya kusan awa ɗaya ce ta lacca a mako har tsawon mako 15, aikin ɗakin gwaje-gwaje kuwa sai an yi awa biyu ko uku kafin ya ba da kiredit ɗaya. Wanda ya yi karatu a tsarin Turai, inda shekara take da maki 60 na ECTS, yawanci raba makinsa ake yi biyu. Yanzu a ɗauki injiniyan da ya yi shekara biyar yana karatu, aka tara kwasa-kwasansa na injiniya suka haura 80, wato ya wuce 48 nesa ba kusa ba. Amma da aka tara lissafi da kimiyya sai aka sami 29, domin wani kwas da jami'arsa ke ɗauka a matsayin fiziks, sunansa ya fi kama da na injiniya, aka jefa shi cikin wancan rukunin, kwas ɗaya kuma ba a ƙirga shi a wuri biyu. A ilimin gama-gari aka sami 6, saboda a tsarin ƙasarsa tun daga shekarar farko aka kama sana'a gadan-gadan, ba a ware lokaci mai yawa ga tarihi ko falsafa ba. Rarar da yake da ita ta fiye da kiredit 30 a injiniya ba za ta cike giɓin 3 a can da 6 a nan ba. Rahoto zai fito da kalmar gazawa, sai hukumar jiha ta yanke hukunci, kuma tana iya tura mutumin da ya shekara goma yana zana gine-gine ya koma aji ya yi kwas biyu na ilimin zamantakewa.

Hanyar da za a iya ceto wancan kwas na fiziks ita ce a kawo bayanin abin da aka koyar a cikinsa, daga manhajar shekarun da mutum ya yi karatu, ba ta yau ba. To, ina za a samo kundin manhajar shekara goma sha biyar da ta wuce, a sashen da aka sauya wa suna, aka sake lambobin kwasa-kwasai, malamin da ya koyar kuma ya yi ritaya? Wanda jami'arsa ta rufe, ko yaƙi ya ci ma'ajiyar takardunta, shi kam sai dai addu'a.

Masu harhaɗa magunguna nasu ya fi tsanani, domin ba a ma kai ga ƙirga kwas ba. Sharaɗin FPGEC, kwamitin da ke tantance masu harhaɗa magunguna da suka yi karatu a ƙasashen waje, a Amurka shi ne duk wanda ya kammala daga 1 ga Janairun 2003 sai digirinsa ya kasance na shekara biyar, wanda ya gama kafin nan kuwa shekara huɗu ta wadatar. Mutum biyu da suka yi manhaja ɗaya ta shekara huɗu a aji ɗaya, ɗaya ya riga ɗaya fita da 'yan watanni, sai a buɗe wa wannan ƙofa a rufe wa wancan.

Kuma ba wai duniya ba ta san da matsalar ba. Tun 1989 aka ƙulla yarjejeniyar Washington, wadda ta sa hukumomin tantance karatun injiniya na ƙasashen da ke cikinta suke amincewa da shirye-shiryen juna, amma idan ƙasarka ba ta ciki, ko ka kammala kafin ta shiga, ba ta amfane ka da komai ba. Yarjejeniyar Lisbon ta 1997 ta ce a amince da takarda sai fa idan an nuna akwai babban bambanci, kuma nauyin nuna bambancin yana kan masu tantancewa. UNESCO ta amince da makamanciyarta ta duniya baki ɗaya a 2019, ta fara aiki a 2023. Sai dai waɗannan biyun na ƙarshe sun fi shafar amincewa da matakin ilimi, ba su tilasta wa hukumar lasisi komai ba, shi ya sa a aikace nauyin ya dawo kan mai nema, shi zai kawo hujja, shi zai biya, shi zai jira.

Abin da nake nema ba alfarma ba ne. Idan an rubuta wa jami'a neman tabbaci, a sanar da mai fayil ranar da aka rubuta da ofishin da aka rubuta wa, domin hakan ba ya ba shi damar yin jabun komai. Idan an tabbatar da sahihancin takarda sau ɗaya, a ajiye tabbacin inda kowace hukuma za ta iya dubawa, kamar yadda likitoci suke da EPIC, ma'ajiyar takardun da aka tabbatar, a ƙarƙashin ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, maimakon a sa jami'a ɗaya ta aika takarda ɗaya sau uku zuwa adireshi uku. Idan an ajiye kwas a rukunin da ya jawo gazawa, a rubuta dalili, a ba da damar ɗaukaka ƙara gaban wani da ya san fannin, ba tare da sabon kuɗi ba. Idan kuma jinkiri daga wajensu yake, a dakatar da wa'adin jarrabawar harshe da sauran takardu tun daga ranar da mutum ya miƙa buƙatarsa, har ranar da rahoton ya isa hukumar lasisi.