Barkwancin da ke tashi a tutar babu

Jama'a, ina so in kare wani nau'in barkwanci da mutane da yawa ke ɗauka rainin wayo ne: labarin da za a ja ka da shi har ka gyara zama, ka baza kunne, a ƙarshe kuma a sauke ka inda babu komai. Ni dai a wurina yana cikin mafi wuyar bayarwa, kuma yawancin masu gwada shi suna ɓata shi ne saboda sun zaci tsawon shi ne abin dariyar.

Gajerensa kowa ya sani. Me ya sa kaza ta tsallaka titi? Don ta je ɗaya ɓangaren. Wannan ya fito a wata mujalla ta birnin New York tun 1847, kuma har yau ana maimaita shi. Amsar gaskiya ce tsagwaronta, ba wayo a cikinta. Yadda aka yi tambayar ne ya sa kanka ya shiga neman amsa mai zurfi, sai aka miƙo maka abin da yaro ma ya sani. Immanuel Kant, masanin falsafar nan na Jamus, ya bayyana abin tun 1790: dariya takan taso ne idan tsammanin da ya ɗaure tamau ya rikiɗe farat ɗaya ya zama babu. Duk barkwanci yana da ɗan wannan. Nau'in da nake magana a kai shi kuwa ba shi da wani jari sai wannan ɗin.

Dogon shi ne ya fi ban sha'awa, kuma wanda ya fi shahara shi ne labarin kare mai gashi buzu-buzu. Ana ba da shi ta hanyoyi daban-daban, ga ɗaya. Wani attajiri a Landan karensa ya ɓace, ya sa cigiya a jarida, ya yi alkawarin tukuici mai tsoka. Wani mutum can a Amurka ya ga cigiyar, ya tsinci kare mai gashi, ya ɗauko shi ya ƙetaro teku. Ya sha wuya a hanya, ya iso ƙofar gidan, ya ƙwanƙwasa. Mai aikin gidan ya buɗe, ya dubi karen sama da ƙasa, ya ce: "Namu bai kai wannan gashi ba." Ya rufe ƙofa.

Yadda na rubuta shi ɗin nan, ba wanda zai ko murmusa, domin ƙashin labarin kawai na kawo. Aikin yana tsakiya, tsakanin tsintar karen da ƙwanƙwasa ƙofar. Gwani zai tsaya a tashar jirgin ruwa, inda aka ce ba a shiga da kare sai da takarda, mai ba da takardar kuma ya tafi hutu. Zai ba ka labarin daren da guguwa ta taso, karen ya ɓace a cikin jirgin, aka same shi da asuba a ɗakin injin, gashinsa duk ya yi baƙi da mai, mutumin ya kwashe yini guda yana wanke shi yana taje shi. A kowane zango sai an samu wani ya tsaya ya ce: "Kai! Ban taɓa ganin kare mai gashi irin wannan ba." Wannan maimaicin ba ado ba ne. Shi ke dasa wa mai sauraro yaƙinin cewa gashin nan zai yi wani babban aiki a ƙarshe. Kuma zai yi ɗin, sai dai ta inda ba a zata ba: yawan gashin ne zai sa a rufe ƙofa.

A nan nake rabuwa da masu cewa ai ba ruwan ƙarshen da labarin. Da ruwansa. Da mai aikin gidan ya buɗe ƙofa ya ce ana ruwan sama, da an yi shirme kawai, ba wanda zai yi dariya. Dole jimlar ƙarshe ta amsa ainihin abin da aka yi ta jira, amma da amsa ƙarama ƙwarai. Kuma dole ta zama gajeriya. Minti goma na wahala, kalma shida na sakamako. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce ke fasa dariyar, haɗe da kunyar da mutum ke ji in ya gane shi aka yi wa wasan, ba mai karen ba.

Wanda ya nuna iyakar gwanintar wannan abu a idona shi ne Norm Macdonald, ɗan barkwancin nan na Kanada, a shirin Conan O'Brien na talabijin a 2009. Ya ɗauko tsohon barkwanci mai layi biyu: faɗa-wuta, ƙwaron nan mai bin haske, ya shiga ofishin likitan ƙafa. Maimakon ya wuce kai tsaye, sai ya sa ƙwaron ya zauna yana zayyana baƙin cikinsa, aikin da ba ya jin daɗinsa, matar da ta zame masa baƙuwa, ɗan da ya kasa ƙauna, har da sunaye irin na Rashawa, kamar ana karanta labarin tausayi. Mintuna suna tafiya. Can likitan ya ce wannan ai aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, me ya kawo ka wurina? Ƙwaron ya ce fitila ya gani a kunne. Abin lura, mutane sun fara dariya tun kafin ƙarshen, saboda sun ga mutumin ba shi da niyyar yin sauri, kuma fuskarsa ba ta nuna ya san yana ɓata wa kowa lokaci ba.

Fuskar nan ita ce inda yawancinmu muke faɗuwa. Da zarar ka yi murmushi a tsakiya, ko ka ce "ku dai jira ku ji ƙarshen", ka tona asirin kanka, mai sauraro ya janye tsammaninsa, kuma ba za ka iya rusa abin da ba a gina ba. Kuskure na biyu shi ne cika tsakiyar da surutu mara daɗi. Kowane zango sai ya zama abin saurare a karan kansa, in ba haka ba kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Alamar tana bayyana ƙarara. In ana katse ka ana tambaya "to sai me ya faru da karen?", ko ana tsaki amma ba a tashi ba, kana kan hanya. In kuwa idanu sun koma kan waya, ko wani ya fara wata hira a gefe, labarin ya riga ya mutu, gara ka tsallake zango biyu ka kai mutumin ƙofar attajirin.

Masu ƙin wannan barkwanci suna da hujja guda da na yarda da ita: lokacin mutane kake ci, kuma ba su ba ka izini ba. Shi ya sa ba a yi wa wanda ke sauri, ba a yi wa baƙon da bai san halinka ba, ba a kuma yin biyu a zama ɗaya, don bayan na farko kowa ya ɗaura ɗamara, ba mai sake yarda da kai. A rubuce ma ƙarfinsa yana raguwa, tunda mai karatu zai iya zarcewa ƙasa ya leƙa layin ƙarshe. Amma wanda ya taɓa jin labarin ba asara ba ne a wurin. In ka sake ba da shi a gabansa don wani sabo, za ka gan shi yana danne dariya yana satar kallon sabon, wani lokaci har ya taya ka: "Ka manta wurin da karen ya shiga ɗakin injin."