Rance ya ragu, amma wa ya yi rauni: banki ko mai neman bashi?

Jiya da daddare ina duba takardun gwajin ɗaliban da nake yi wa bita a nan Gombe, na ga kuskure ɗaya ya maimaita kansa har ya gundure ni. An ce a kwatanta hanyoyi biyu da ƙarin kuɗin ruwan babban banki ke bi ya rage rance: hanyar rancen banki da hanyar ƙarfin dukiyar mai cin bashi. Kusan kowa sai ya rubuta cewa babban banki ya ƙara kuɗin ruwa, rance ya ragu, zuba jari ya ragu. Sau biyu, ƙarƙashin kanun magana biyu. To ina kwatancen?

A ganina tambaya ɗaya ce ke raba gardama: wa aka matsa wa? A ta farko banki ne hannunsa ya ɗaure. A ta biyu mai neman rancen ne ya rage daraja a idon duk wanda zai ba shi kuɗi.

Mu ɗauki Fabrairun 2024. Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 22.75, ya kuma ɗaga kason ajiyar dole na bankuna, wato kason ajiyar jama'a da dole su ajiye a wurinsa, daga kashi 32.5 zuwa 45. A ce wani banki yana riƙe da ajiyar jama'a ta naira biliyan 100. Da, biliyan 67.5 ke saura a hannunsa, yanzu 55. Biliyan 12.5 sun fita daga abin da zai iya juyawa. Ɗan kasuwar Tudun Hatsi da ya zo neman kuɗin sayen masara da kaka, cinikinsa bai canza ba, gidansa na nan, amma manaja ya ce masa Alhaji a yi haƙuri. Wannan ita ce hanyar rancen banki, wadda masana tattalin arziki Bernanke da Blinder suka tsara a 1988.

Maki yana cikin sharuɗɗanta biyu, kuma su ne ake mantawa. Dole ya kasance bankin ba ya iya cike giɓin cikin sauƙi ta sayar da takardun gwamnati ko ranto kuɗi a wani wuri. Dole kuma mai neman rancen ya zama ba shi da wata ƙofa sai banki. Katafaren kamfani a Legas zai sayar da takardun bashi a kasuwa ya wuce abinsa. Alhajinmu fa? Shi ya sa binciken Kashyap da Stein na 2000 ya gano cewa a Amurka ƙananan bankuna masu ƙarancin kuɗi a hannu su suka fi janye rance.

Yanzu ga hanya ta biyu: a bar banki da kuɗinsa cike, a dubi Alhaji. A ce ana binsa miliyan 20, ruwan da yake biya ya tashi daga kashi 25 zuwa 29. A shekara miliyan 5 ta koma 5.8. In ribarsa kafin biyan ruwa miliyan 8 ce, abin da ke saura ya sauko daga miliyan 3 zuwa 2.2. Ga kuma jingina. Gidan da ke kawo hayar miliyan 3 a shekara, in an ɗauki hayar a matsayin kashi 15 na darajarsa ya kai miliyan 20, da kashi 19 kuwa bai cika 16 ba. Bankin da ke ba da kashi 60 na darajar jingina ya sauko daga miliyan 12 zuwa kusan 9.5.

Me ya sa banki ya damu? Don bai san cikin kasuwancin Alhaji kamar yadda Alhaji ya sani ba. Mutumin da abin da zai rasa ya ragu ya fi saurin yin kasada da kuɗin wasu. Sai a ɗora masa ƙari, ratar da ke tsakanin tsadar kuɗin rance da na aljihunsa ta faɗaɗa. Rubuta wannan ratar a amsarka, ita ce ginshiƙin bayanin Bernanke da Gertler na 1995. Kuma wannan hanya ba ta tsaya kan banki ba: ko dillalin da ke ba shi kaya bashi zai ja baya.

Ni dai ina gargaɗin ɗalibaina kan misalin gidan. A nan hauhawar farashi takan sa kuɗin gida ya hau ko da ruwa ya tashi, don haka lissafin ribar da ruwa ya cinye ya fi tsayawa da ƙafarsa.

In mai tambaya ya ce ta yaya za a bambance su a alƙaluma, duba inda kuɗi ya koma. Rancen banki ya ragu amma takardun bashin kamfanoni sun ƙaru, to matsalar daga banki take. In kuwa kowace ƙofa ta rufe wa masu raunin jingina, har a bankin da ke da kuɗi jibge, ta biyun ce ke aiki.