A ɗebi jini kafin a yi allurar farko

Akwai wata ɗabi'a da ta yi kaka-gida a ɗakunan kwanciya na asibitocinmu. A kawo mutum jiki zafi rau, yana rawar ɗari, a ɗaura masa ruwa, a fara yi masa allurar seftiriyazon, wani maganin antibayotik. Sai kwana huɗu sun wuce zazzaɓi ya ƙi sauka, sannan a tuna da gwajin kalca na jini, wato shuka jinin a kwalba don a ga wace ƙwayar bakteriya ce za ta tsiro. Bayan kwanaki takarda ta dawo cewa babu abin da ya tsiro, likita ya ce gwajin ɓata kuɗi ne. Alhali ihu aka yi bayan hari: maganin da ke yawo a jinin ya shiga kwalbar tare da ƙwayar, ya hana ta girma, ko da bai iya kashe ta a jikin majiyyacin ba. Ra'ayina shi ne yawancin abin da ake ɗora wa ɗakin gwaje-gwaje tun a bakin gado yake lalacewa, a mintuna goman farko.

Mu ɗauki misalin dattijo mai shekara 65 da aka sa wa robar fitsari makonni biyu da suka wuce. An kawo shi da zafin jiki digiri 39.5, bugun zuciya da sauri, hawan jininsa ya faɗi, ya fara sambatu. Wannan ba majiyyacin da za a ce ya jira sakamako ba ne, cikin awa guda ya kamata maganin antibayotik ya shiga jijiyarsa. Masu cewa kalca na jawo jinkiri nan suke kuskure, domin ba wanda ya ce a riƙe magani har kwana uku. Abin da ake nema kawai shi ne a ɗebi jinin tukuna, sannan a yi allurar nan take.

Yawan jinin shi ne gaba da komai. A jikin babban mutum ƙwayoyin ba su da yawa cikin jini, sau da yawa ba su wuce ɗaya zuwa goma a mililita guda ba, wani lokaci ma ba su kai ɗaya ba. Wanda ya ɗiga mililita biyu a kwalba yana iya ɗebo jinin da babu ƙwaya ko ɗaya a cikinsa, alhali majiyyacin na fama da ita. Shi ya sa ake zuba mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba, kwalba biyu daga hannu ɗaya, guda ta ƙwayoyin da ke son iska, guda ta waɗanda ba sa so, sannan a maimaita daga ɗaya hannun. Jimilla kusan mililita 40 ke nan. 'Yan uwa kan tayar da hankali idan sun ga haka, sai a nuna musu cewa duka bai kai cokalin cin abinci uku ba. Yara kuwa da nauyinsu ake aunawa, jariri mililita ɗaya ya wadatar.

Sai tsabtar fata. Kowane mutum yana da ƙwayoyin da ke zaune a fatarsa ba tare da sun cutar da shi ba, kuma idan ɗaya ta bi allura ta faɗa kwalba, za ta tsiro kamar kowace. A goge wurin da sifirit mai ƙarfin kashi 70, a bi da kulorheksidin a bar shi ya bushe kamar daƙiƙa 30. Idan aidin ne a hannu, yana buƙatar minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Bushewar nan ita ce aikin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gama gogewa sannan a sake kai yatsa a lalubo jijiya. A goge bakin robar kwalbar ita ma, a fara cika kwalaben kalca kafin sauran kwalaben gwaji, kuma a guji ɗibar jinin daga tsohon kanula. Kada a sa kwalbar a firji, a kai ta ɗakin gwaji cikin awa biyu zuwa huɗu. Asibitin da fiye da kashi 3 cikin 100 na kwalabensa ke gurɓata da ƙwayar fata, yana da gyara a hannun masu ɗiba.

A ɗakin gwaji ana ajiye kwalaben a zafin digiri 35 zuwa 37. Inda akwai na'ura irin BACTEC ko BacT/ALERT, ita ke lura da iskar da ƙwayoyin ke fitarwa, ta yi ƙara idan sun fara yawa, kuma kwana biyar ake ba kwalba. Inda babu, ma'aikaci ke duba gurɓacewar ruwan da ido kullum har kwana bakwai. Ƙwayoyin da ke sa ciwo na gaske galibi suna bayyana cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

A ce kwalaben dattijon nan sun nuna alama bayan awa 14, daga hannu biyun duka. Yanzu ne rinin Gram ke shigowa, dabarar da likitan Denmark Hans Christian Gram ya fito da ita a 1884, kuma har yau ba ta cin minti goma sha biyar. A shafa ɗigo a gilashi, a busar, a zuba rini mai launin shunayya na minti ɗaya, a bi da aidin na minti ɗaya, a wanke da asiton ko sifirit na 'yan daƙiƙu, sannan a rufe da jan rini. Ƙwayar da bangonta ke da kauri tana riƙe shunayyar, mai siririn bango kuma tana sakin ta ta ɗauki ja. Wurin wankewar nan ake tuntuɓe. Idan asiton ya daɗe, ƙwayar da ya kamata ta fito shunayya sai ta fito ja, a tura likita hanyar da ba ita ba. Idan shafin ya yi kauri, akasin haka ke faruwa. Ma'aikacin da ya san aikinsa yana duba ƙwayoyin farin jini da ke gilashin: ja-ja ya kamata su kasance, idan sun yi shunayya wankin bai isa ba.

A gilashin dattijon an ga 'yan sanduna ja. Wannan labari ne da ya kamata a buga waya a faɗa wa likita a take, ba a rubuta a ajiye a tire sai ɗan majiyyaci ya zo karɓa washegari ba. Sanduna ja a jinin mai robar fitsari suna nuni da dangin E. coli, ƙwayar da ke zama a hanji, don haka likita zai iya ajiye duk wani magani da ya ƙara saboda ƙwayoyin shunayya, ya cire ko ya canza robar, ya kuma tambayi kansa ko seftiriyazon zai iya. Da kuwa curin ƙwayoyi shunayya aka gani a kwalba ɗaya tak cikin huɗu, bayan kwana biyu, sai a fi zargin ƙwayar fata. Amfanin ɗiba daga hannu biyu ke nan, wanda ya aika kwalba ɗaya ba shi da abin kwatantawa. Amma idan aka tabbatar Staphylococcus aureus ce, mai haɗarin cikin masu curin nan, ko a kwalba ɗaya ba a raina ta.

Mataki na ƙarshe shi ne gano maganin da ƙwayar ke ji. Ana dama ta a ruwan gishiri har duhunsa ya kai ma'aunin 0.5 McFarland, a shafe farantin shuka ƙwaya na Mueller-Hinton mai kaurin milimita 4 da ita, a ɗora 'yan ƙananan takardu zagayayyu da kowacce ke ɗauke da magani daban, a bar shi awa 16 zuwa 18 a digiri 35. Inda magani ya yi tasiri sai a ga fili kewaye da takardar, a auna faɗinsa da rula. Ga dangin E. coli, a ma'aunin CLSI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ɗakunan gwaji, filin seftiriyazon ya kai milimita 23 kafin a rubuta S, wato ƙwayar na jin magani. 19 ko ƙasa da haka R ne, ƙwayar ta bijire. A farantin dattijon seftiriyazon ya ba da 11, sifurofulokzasin ma R, merofenem kuma 28, wato S. Ƙarin gwaji ya nuna ƙwayar na fitar da sinadarin da ake kira ESBL, mai karya seftiriyazon da 'yan uwansa. Da ba a ɗebi jinin ba, da ana nan ana ƙara masa allurar da ba ta taɓa ciwon.

Ƙananan abubuwa ne ke ɓata wannan awo. Idan damun ya yi kauri fili zai tsuke, a ce magani ba ya aiki alhali yana yi. Idan farantin ya yi siriri fili zai buɗe fiye da kima. Takardun maganin kuma zafi da danshi na rage musu ƙarfi, abin da ba baƙo ba ne inda wutar firji ke ɗaukewa rabin yini. Hanyar gane haka ita ce a riƙa gwada su da ƙwaya sananniya, E. coli ATCC 25922, wadda aka san faɗin filin da ya kamata ta bayar. Ɗakin gwajin da ba ya yin wannan, lambobinsa ba abin jingina ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne takardun sakamako da har yanzu ke fitowa da alamar +, ++ da +++ a gaban sunayen magunguna, likita ya zaɓi mai alama uku. Faɗin fili ba gasar ƙarfi ba ce, domin kowane magani da yadda yake yaɗuwa a faranti, kowanne da iyakarsa. Haka kuma harafin S ba ya nufin a bayar kai tsaye. Naitirofurantoyin na iya fitowa S ga ƙwayar dattijon, amma a fitsari yake taruwa, ba ya kai adadin da zai yi aiki a jini, saboda haka bai ma kamata a rubuta shi a sakamakon jini ba. Jentamaisin na iya hana ƙwayar taifod girma a faranti, ya kasa taɓa ta a jiki, domin a cikin ƙwayoyin halittar mutum take ɓuya. Ɗakin gwaji nagari yana tace abin da zai fitar.

Sakamakon yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Da ƙwayar dattijon ta fito tana jin amfisilin, kuma an riga an fara masa merofenem saboda tsananin jikinsa, abin yi shi ne a sauko zuwa mai sauƙin, a rage wa iyali kuɗi, a kuma adana babban maganin don ranar da babu wani. Likitoci da yawa na ƙin taɓa magani idan majiyyaci ya fara samun sauƙi, ko da takarda na hannunsu.

Batun kuɗi gaskiya ne, kwalabe huɗu nauyi ne ga mai sayen magani da bashi. Idan dole sai an rage, gara kwalba biyu ta masu son iska, ɗaya daga kowane hannu, kowacce cike da mililita 10, a kan kwalba ɗaya mai ɗan ɗigo. Kuma ba kowane mai zazzaɓi ke buƙatar kalca ba. A keɓe shi ga wanda jikinsa ya yi tsanani har aka kwantar, da jariri mai zazzaɓi, da mai jego da jikinta ya rikice, da wanda ake zargin taifod a makonsa na farko, lokacin da ƙwayar ta fi samuwa a jini, maimakon a dogara da gwajin Widal da kan nuna alama ko ga wanda maleriya ce ke damunsa.